Mura mai masassara da rashin cin abinci: kurakuran da aka fi yi a gidajenmu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso da ƙura a Tawa, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da wani kwance da mura ba. Ba ƴar majinar da ake yawo da ita nake nufi ba. Ina nufin wadda take kayar da mutum farat ɗaya, da masassara da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Da ta kama mutum, sai hankalin gida duka ya koma kan kwanon abincinsa. An kawo tuwo bai taɓa ba, an dafa shinkafa ya kau da kai, sai a fara cewa: "Ka daure ka ci mana, in ba ka ci ba ina za ka samu ƙarfi?" Ƙauna ce take sa haka, amma a nan ne aka fi yin kuskure, domin abin da ya kamata a sa wa ido a kwanakin farko shi ne abin da mara lafiya ya sha da yawan fitsarinsa, ba abin da ya rage a kwano ba.

Rashin sha'awar abincin daga cikin cutar yake. Lokacin da jiki yake yaƙi da ƙwayar murar, yana fitar da wasu sinadarai da suke kawo masassara da kasala, su ne kuma suke rage jin yunwa. Ga hanci ya toshe, kuma yawancin daɗin abinci daga ƙamshi yake zuwa, don haka ko miyar da mutum ya fi so sai ya ji ta salam. Ga maƙogwaro na zafi, ciki kuma ya rage saurin narka abinci. Babban mutum da yake da lafiya kafin ciwon yana da ajiya a hantarsa da kitsen jikinsa da za ta riƙe shi kwana biyu ko uku yana ɗan taɓa abu kaɗan, ba tare da wata illa ba. Ruwa ne ba shi da irin wannan ajiya. Zufa tana ɗibarsa, saurin numfashi yana ɗibarsa, busasshiyar iskar hunturu tana ƙarawa, sanyi kuma yana sa mutum bai cika jin ƙishirwa ba.

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 35, mai sayar da albasa a kasuwa, ba shi da wani tsohon ciwo. Ranar farko ya dawo da rawar ɗari, zafin jikinsa ya kai digiri 39. Abu na farko ba maganar abinci ba ne, a kai shi a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ɗiban jini a ɗan yatsa, domin a ƙasarmu ba a yanke wa masassara hukunci da ido. Gwaji ya nuna babu. Da dare uwargida ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka, ya ce ba ya iyawa, mahaifiyarsa ta zauna a kansa har ya tura loma shida, bayan ɗan lokaci ya amayar da su tare da ruwan da ya sha da maganin da ya haɗiya. An yi asara uku ke nan, kuma washegari ko warin miyar ba ya son ji.

Ga yadda ya fi. A ajiye masa buta ko gora mai lita ɗaya da rabi kusa da shimfiɗa, a cika ta da safe, a sa ido ta ƙare kafin magariba, ban da sauran abin sha. Kurɓa biyu ko uku duk bayan ƴan mintoci sun fi kofi guda a lokaci ɗaya, musamman in zuciyarsa na tashi. Ruwan ɗumi da lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro. Kunu ko koko mai ruwa-ruwa da ɗan sukari abinci ne kuma abin sha ne, romon kaza ko na nama mara yawan mai yana maido gishirin da zufa ta fitar. A miƙa masa rabin kofi, in ya ce ya isa a ɗauke ba tare da ƙorafi ba, a sake gwadawa bayan awa biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kamar awa ɗaya bayan ya sha farasitamol, sa'ad da jiki ya ɗan yi sanyi. Ma'aunin kuwa fitsari ne: in yana fita sau huɗu ko fiye a yini kuma launinsa bai yi duhu ba, ruwa ya wadata. In ya yi ja kamar shayin farko, ko aka wuni ba a fita ba, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, a ƙara sha, a kawo ruwan gishiri da sukari. Ƙunshin garin gishiri da sukari na farmasi, wato SRO, ana zuba shi a lita ɗaya na ruwa mai tsabta. In babu, a lita ɗaya a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafaffu ba masu tozo ba, a zubar da abin da ya kwana ya wuni.

Zuwa kwana na uku ko na huɗu masassara takan sauka. Alamar farko ita ce shi da kansa zai ce: "Ko akwai sauran fura?" A ba shi. Mutane da yawa suna hana mai mura nono da fura wai suna ƙara majina. Nono yana ɗan yin kauri a baki ne na ɗan lokaci, ba ya ƙara majinar ƙirji, kuma fura da nono mai kyau tana cikin abin da ya fi amfani ga wanda ba ya iya tauna. Sharaɗin kawai a dama ta da ruwa mai tsabta, a rage yaji in maƙogwaro na zafi.

Akwai kuskuren da ke tafiya tare da dolen abinci, wato a ce ba za a sha magani ba sai an ci. Farasitamol ba ya bukatar abinci a ciki. Babba yana shan milligiram 500 zuwa 1000, a bar aƙalla awa 6 tsakani in an sha 1000, kada a wuce giram 4 a yini, kuma a duba ƙunshin maganin mura na kanti domin da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ibufurofen ne ya fi son a ɗan ci wani abu, kuma ba na wanda ruwan jikinsa ya ragu ba ne, ko mai gyambon ciki, ko mai juna biyu. Asfirin kuwa ba a ba yara masu mura. Da a ce gwajin nan ya nuna zazzaɓin sauro ne, to lissafi ya sauya kaɗan: maganin da ya haɗa atemeta da lumefantirin ya fi shiga jiki in an sha shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma kofin madara ɗaya ya isa, ba sai an tilasta kwanon tuwo ba.

Sai maganar "maganin cin abinci". Da an ga kwana biyu ba a ci ba, sai a aika yaro wajen mai tallar magani ya sayo siro ko ƙwayoyin buɗe ciki. Galibinsu suna sa barci mai nauyi, wanda ke rage shan ruwan da muke nema, wasu kuma irin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba ne, masu raunana garkuwar jiki da tayar da sukari. Sha'awar abinci za ta dawo da kanta. Haka ma nacewa a likita sai an yi ƙarin ruwa ta jijiya: wanda yake iya sha da baki bai bukace shi ba, ledar ruwan kuma ba abinci ba ce.

Duk wannan sassaucin na babba ne mai lafiya. Ƙaramin yaro ba shi da ajiya mai yawa, musamman wanda dama bai cika ƙiba ba, don haka ba a barinsa a ce sai ya nema. Amma lallashi daban, ɗura daban. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu yana kuka, hanya ce ta tura kunun cikin huhu, ga shi dama yana tari, daga nan sai ciwon huhu. Abin yi shi ne a ƙara yawan ba shi mama, a share masa hanci da ɗigon ruwan gishiri na farmasi kafin ya kama, domin jariri mai toshewar hanci ba ya iya tsotso da numfashi tare. Wanda bai kai wata 6 ba mama kaɗai, ba ruwa ba jiƙo. Wanda ya wuce haka a ba shi cokali biyu ko uku na kunu mai ɗan ƙuli ko madara sau da yawa a yini. Zuma sai ya cika shekara ɗaya. In yaro ya kasa sha ko kama mama, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, a tafi likita nan take ko da dare ne. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri.

Mai ciwon sukari shi ma kada ya wuni ciki wayam, domin wasu ƙwayoyin sukari suna kayar da shi ƙasa in ba a ci ba. Ya riƙa shan kunu kaɗan-kaɗan, ya yawaita awo, kada ya daina allurar insulin da kansa, ya tuntuɓi likitansa tun ranar farko. Tsofaffi da masu juna biyu su ma a kai su da wuri. Ga kowa kuma, wahalar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, sanƙarewar wuya, ko masassarar da ta sauka ta sake dawowa da ƙarfi, ba maganar abinci ba ce kuma.

Bayan an tashi, kuskuren yakan juya. Wasu su ce a rama, a yanko balangu da kilishi da shinkafa mai mai a rana ɗaya, ciki ya ɓaci. Wasu kuma da masassara ta tafi sai a manta da mara lafiyar, alhali yanzu ne jiki yake karɓar abinci yana gyara abin da ya rasa. Kasala da tari suna iya kai sati biyu ko fiye, ɗanɗano ma yakan yi jinkirin dawowa. Magidancin nan namu ya fara da fate ko shinkafa mai laushi, ya ƙara ƙwai, wake, kifi, nono, da dambun zogale, ya ci kaɗan sau huɗu ko biyar maimakon manyan kwanuka biyu, shayi mai ƙarfi kuma ya bari sai bayan abinci don yana kashe yunwa. Yaro a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har sati biyu. In an yi sati biyu da warkewa ci bai dawo ba, ko mutum yana ta ramewa da tari da zufar dare, a koma likita a nemi gwajin tarin fuka.