Babi na Bakwai: Harajin da Aka Jinkirta a Kan Injin Casar Shinkafa

Wani kamfanin casar shinkafa a Kura ta jihar Kano ya sayi sabon inji a kan naira miliyan 20. Da shekara ta ƙare, akanta ya kawo wa masu kamfanin rahoton kuɗi wanda ya nuna harajin shekarar naira 2,400,000 ne, alhali takardar da aka kai wa hukumar haraji ta nuna naira 1,800,000 kawai za a biya. Ɗaya daga cikin masu hannun jari ya tambayi inda naira 600,000 ta shiga, kuma tambayarsa tana kan hanya. Amsarta ita ce darasin wannan babi.

Inji ba ya ƙarewa a shekarar da aka saye shi, saboda haka akanta ba ya cire kuɗinsa duka daga ribar shekara ɗaya. Yana kimanta shekarun da injin zai yi yana aiki, sai ya raba kuɗin a kansu, kuma wannan rabon shi ake kira raguwar daraja. A misalinmu an kimanta injin zai yi shekara 10, kuma ba a sa ran samun komai daga gare shi bayan haka, don haka kowace shekara ana cire naira miliyan 2 a littafin kamfani.

Ita kuwa hukumar haraji ba ta karɓar wannan kimantawa, domin da za ta karɓa, da kowane kamfani ya zaɓi shekarun da suka fi rage masa haraji. Abin da take yi shi ne ta mayar da raguwar darajar da akanta ya cire cikin riba, sannan ta ba da nata rangwamen kayan aiki bisa kason da doka ta yanke. Kason yana sauyawa idan doka ta sauya. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta Nijeriya, alal misali, ta daɗe tana ba da rangwamen farko na kashi 50 cikin 100 na kuɗin inji, ban da rangwamen shekara-shekara. Domin sauƙin lissafi, mu ɗauka rangwamen injinmu kashi 20 cikin 100 ne a kowace shekara, wato naira miliyan 4 har shekara 5. Mu kuma ɗauka harajin kashi 30 cikin 100 ne, kuma ribar kamfanin kafin a cire komai na injin naira miliyan 10 ce a kowace shekara. Sauran ƙananan kuɗaɗen da ake ɗora wa kamfanoni mun ajiye su gefe.

A shekarar farko ribar littafi ita ce miliyan 10 a cire miliyan 2, saura miliyan 8, kuma kashi 30 cikin 100 na wannan shi ne naira 2,400,000. A wajen hukuma kuwa miliyan 4 ake cirewa, saura miliyan 6, harajinta naira 1,800,000. Wannan ne asalin naira 600,000 da mai hannun jarin ya tambaya. Ba a yafe wa kamfanin ita ba, domin jimillar abin da za a cire na injin naira miliyan 20 ce ta kowace fuska. Hukuma dai ta gaggauta ba da nata cikin shekara 5, littafi kuma yana tafiya a hankali har shekara 10. Abin da aka ci da wuri ba za a same shi daga baya ba.

Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 12 ta ce a gano wannan adadi ta hanyar kwatanta darajar injin a wurare biyu a ranar rufe littafi. A ƙarshen shekarar farko darajarsa a littafi naira miliyan 18 ce, abin da ya rage masa a wajen hukuma, wato rangwamen da ba a riga an ci ba, naira miliyan 16. Tazarar miliyan 2 ce, sai a ɗauki kashi 30 cikin 100 nata, a sami naira 600,000. Akanta zai ƙara ta a kan harajin shekara a rahoton riba, ya kuma rubuta ta cikin basussukan da ke kan kamfani da sunan harajin da aka jinkirta. Kashegari babu ma'aikacin haraji da zai zo karɓar ta, don bashi ne wanda lokacinsa bai yi ba.

Haka tazarar za ta riƙa ƙaruwa da miliyan 2 duk shekara. A ƙarshen shekara ta biyar injin yana da darajar miliyan 10 a littafi, a wajen hukuma kuwa ba shi da saura, saboda haka bashin ya kai naira miliyan 3, iyakar inda zai kai ke nan.

A shekara ta shida al'amari yake juyawa, kuma a nan ne masu kamfani da yawa suke shan mamaki. Ciniki bai ƙaru ba, inji yana nan yana aiki kamar jiya, amma rangwame ya ƙare, sai hukuma ta ɗora haraji a kan miliyan 10 cur, wato naira miliyan 3. Ribar littafi tana nan a miliyan 8. Akanta zai ɗebo naira 600,000 daga bashin da ya tara ya rage harajin shekarar da ita, rahoto ya sake nuna naira 2,400,000, bashin kuma ya sauko zuwa naira 2,400,000. Zai ci gaba da haka har bashin ya ƙare a shekara ta goma. Wanda ya haɗa harajin da aka biya a shekarun goma zai sami naira miliyan 24, daidai da abin da rahoto ya nuna idan aka tara naira 2,400,000 sau 10.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne a ƙi rubuta bashin tun farko. Riba za ta kumbura da naira 600,000 a kowace shekara daga cikin biyar ɗin farko, masu hannun jari su raba ta a matsayin tasu, sannan a shekara ta shida harajin da za a biya ya tashi da naira 1,200,000 a lokacin da ake neman kuɗin sayen shanshera. Akwai hanya mai sauƙi ta gane haka: a raba harajin da rahoto ya nuna da ribar littafi. Idan aka ga kashi 22.5 cikin 100 a farko, daga baya ya koma 37.5, alhali doka ba ta motsa daga 30 ba, to ba a yi lissafin jinkirin ba. Ya kamata dai a sani cewa rubuta bashin ba ya nufin an ajiye kuɗi a banki. Tanadin kuɗin aikin masu kamfani ne.

Kaso na haraji da ake amfani da shi shi ne wanda zai yi aiki a lokacin da tazarar za ta warware, matuƙar an riga an zartar da dokarsa. Da a ƙarshen shekara ta biyar aka zartar da dokar da ta mayar da haraji kashi 25 cikin 100, da bashin ya koma naira 2,500,000, a shigar da ragin naira 500,000 cikin rahoton ribar wannan shekarar. Haka kuma ba kowane saɓani tsakanin littafi da hukuma ne ke haifar da jinkiri ba. Tarar da aka ci kamfani saboda karya doka ba za a taɓa yarda a cire ta daga ribar haraji ba, yau ko gobe, don haka babu abin da za a jinkirta a kanta.

Aikin gwaji: Kamfanin ya sayi motar ɗaukar buhuna a kan naira miliyan 12. Akanta ya kimanta za ta yi shekara 6, rangwamen hukuma kuma kashi 25 cikin 100 ne a kowace shekara, haraji kashi 30 cikin 100. Ku fitar da darajar motar a littafi da kuma a wajen hukuma a ƙarshen kowace shekara, ku faɗi shekarar da bashin zai fi yawa da adadinsa, sannan ku nuna nawa za a ɗebe daga cikinsa a shekara ta biyar.