Yadda na gyara takaitawar kira a tikiti

Tikitinmu na kiran kwastoma, wato bayanin da muke rubutawa a kan kowane kira, kan dawo saboda muna rubuta korafin farko kawai. Wata mai POS ta kira, minti 14, tana cewa an cire mata naira 20,000 kudin bai shiga ba. Sai a minti na 9 ta ambaci cewa sau biyu aka cire.

Yanzu sai na saurari rikodin har karshe kafin in rubuta. A tikitin mai POS din, na fara da korafi da kalmominta, da lambar cinikin. Sannan abin da aka yi: an tura bukatar mayar da kudi, bai dawo ba tukuna, don haka ban rubuta "an warware" ba. Bibiya kuwa, sunan wanda zai kira ta da ranar. Lambar katinta da ta karanto, ba ta shiga tikiti.