Yadda ake rubuta taƙaitawar rahoton matsala da darakta zai gane cikin minti ɗaya

Darakta ba zai karanta rahoto mai shafi talatin ba, kuma ba raini ba ne. Yana buɗe shi ne tsakanin zama biyu, ya duba saman shafin farko, ya yanke hukunci a kan abin da ya gani a nan. Saboda haka taƙaitawar da ke sama ba rahoton ba ne aka matse. Rahoto yana bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Ita kuwa taƙaitawa tana bin tambayoyin da ke ran mai yanke hukunci: me ya faru, me ya lalace, ina aka kwana yanzu, me ya jawo, me ake so in yi.

Mu ƙaddara wani misali mu bi shi har ƙarshe. A ce a wani sito na magunguna, na'urar ɗakin sanyi ta tsaya da ƙarfe 11:40 na daren Litinin, ba a farga ba sai ƙarfe 6:15 na safiyar Talata. Magungunan irin waɗanda ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8 ne, amma zafin ɗakin ya kai digiri 14. An gama bincike, an rubuta dogon rahoto, saura taƙaitawa.

Da farko, kada ka taɓa ta sai ka gama rahoton. Wanda ya fara da taƙaitawa yakan rubuta abin da yake zato ne, daga baya bincike ya nuna wani abu daban, a manta ba a koma an gyara ba. In ka gama, rufe rahoton, ka ɗauki farar takarda ka amsa tambayoyin nan biyar da ka. Abin da ka kasa tunawa ba tare da ka leƙa ba, yawanci ba na taƙaitawa ba ne. Lambobi kaɗai za ka koma ka tabbatar.

Sai jimlar farko, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Ga yadda mutane da yawa ke buɗewa: "Wannan rahoto ya ƙunshi sakamakon binciken da kwamiti ya gudanar dangane da matsalar da ta auku a ɗakin sanyi." Babu ƙarya a ciki, amma darakta ya ɓata daƙiƙa goma bai ƙaru da komai ba, tunda ya riga ya ga take. Wasu kuma su fara da tarihi, yaushe aka sayi na'urar, wa ya kafa ta. Jimlar farko ita ce za ta ɗauki abin da ya faru da ɓarnarsa a tare: "Ɗakin sanyi na biyu ya daina aiki a daren Litinin, ba a farga ba sai bayan awa shida da minti 35, zafi ya kai digiri 14, kuma an killace kwali 340 cikin 900 da ke ciki." Lura da "cikin 900". Lamba ita kaɗai ba ta gaya wa mutum ko abin babba ne ko ƙarami. Sai an aza ta kusa da jimilla, ko kusa da ƙa'idar da aka tsallake, sannan take magana. Shi ya sa digiri 14 ma ke buƙatar a ce iyakar da aka yarda da ita 8 ce.

Nan da nan sai halin da ake ciki yanzu, domin abin da ke hana shugaba sukuni shi ne ko wutar na ci har yanzu. Jimla biyu sun isa: an gyara na'urar da ƙarfe 9 na safe, babu wanda ya ji rauni, babu kwali ɗaya da ya fita zuwa ga masu saye. Abin da bai faru ba ma labari ne, in dai shi ne mai karatu zai fara jin tsoro.

Dalili shi ne wurin da ya kamata ka daɗe kana auna kalmomi. A misalinmu abubuwa biyu ne suka haɗu. Na'urar ta tsaya, wannan ɗaya. Na biyu, saƙon gargaɗi ya tafi lambar wayar ma'aikacin da ya riga ya bar aiki, don haka ba wanda ya gani. Injiniya zai so ya cika taƙaitawar da bayanin na farko, amma na biyun ne ya mai da ƙaramar matsala asara, domin da an ga saƙon da an kwashe kayan cikin awa guda. Shi za ka ba wa fili. Sannan ka raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato, ka faɗa da baki: "An tabbatar saƙon ya tafi tsohuwar lamba. Ana zargin ƙonewar wani sashe na na'urar ce ta tsayar da ita, sakamakon gwaji zai zo ranar Juma'a." In ka cakuɗa su, darakta zai shiga taron hukumar gudanarwa ya faɗi zato a matsayin tabbas, ranar da gwaji ya nuna akasin haka kuwa ba zai sake yarda da shafinka na farko ba. Sunan mutum kuma ba shi da gurbi a nan. Ka ce ba a sabunta jerin lambobin ba tun da aka sauya ma'aikata. Wannan ya nuna inda za a gyara, alhali suna yana nuna wanda za a tsawata wa ne kawai, jerin lambobin kuma ya zauna yadda yake.

Abu na ƙarshe da za ka rubuta shi ne buƙata, kuma ni a ganina ita ce dalilin taƙaitawar tun asali. "Ana ba da shawarar a ɗauki matakan da suka dace" ba buƙata ba ce. Buƙata tana da aiki, da mai yi, da rana: "Muna neman amincewarka kafin Alhamis a sayi na'urar ko-ta-kwana. Sabunta lambobin gargaɗi an riga an yi shi, ba ya jiran sa hannu." Ko da rahoton na da shawarwari goma sha biyu, ka kawo waɗanda sai da sa hannunsa kawai, sauran ka ce suna shafi kaza. In kuma ba ka neman komai, ka faɗa a fili cewa don sanarwa ne, kada ya yi ta laluben tarko. Wani lokaci ma, in hukuncin na gaggawa ne, gara buƙatar ta hau sama ta zama jimla ta biyu.

Saura gwaji. Karanta ta a bayyane kana duban agogo. In ta haura minti ɗaya, a rage, kuma abin da ake fara yankewa shi ne yadda aka yi bincike, da sunayen 'yan kwamiti, da gajerun sunayen na'urori da 'yan sashenku kaɗai suka sani. Daga nan ka bi kowace lamba ka ga ta dace da ta cikin rahoton, don 340 a sama da 360 a shafi na 17 sun isa su jefa shakku a kan aikin gaba ɗaya. Sai ka miƙa wa wani daga wani sashe da bai san zancen ba, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar ka tambaye shi: me ya lalace, kuma me ake so darakta ya yi? In ya yi inda-inda a ta biyun, koma ka gyara buƙatar ka sake gwadawa da wani mutum daban, domin na farkon ya riga ya san amsa.