Durashan: inda lissafin farashin takardar lamuni ke yawan karkacewa

Mu ɗauki takardar lamuni ta naira 1,000 wadda za ta nuna, wato wa'adin mayar da uwar kuɗinta ya cika, nan da shekara 3, tana biyan kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari sau ɗaya a shekara. Ribar da kasuwa ke nema a kanta yau kashi 12 ce. Duk kurakuran da zan ambata a kan wannan takarda ɗaya za mu gan su.

Na farko shi ne a ce durashan ɗinta shekara 3 ne, tunda a shekara ta uku za ta nuna. Durashan, kamar yadda Frederick Macaulay ya kawo shi a 1938, matsakaicin lokacin da kuɗinka ke dawowa ne, ana auna kowane biya da darajarsa ta yau. Naira 100 ta shekarar farko darajarta yau 89.29 ce, ta shekara ta biyu 79.72, sai naira 1,100 ta ƙarshe 782.96. Jimlarsu 951.96, kuma shi ne farashin. Ka ninka kowace da shekararta, ka haɗa, ka samu 2,597.60, ka raba da farashin: shekara 2.73. Takardar da ba ta biyan komai sai ranar nuna ita kaɗai ce durashan ɗinta yake daidai da wa'adinta.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan nan. Mutum ya samu 2.73, sai ya ninka shi kai tsaye da canjin riba. Adadin Macaulay lokaci yake aunawa. Wanda ke gaya maka yadda farashi zai motsa shi ne gyararren durashan:

```
D_mod = D_mac / (1 + y/k)
ΔP/P ≈ −D_mod × Δy
```

A nan D_mac adadin Macaulay ne, D_mod gyararren durashan, P farashi, y ribar kasuwa, k yawan biya a shekara, Δ kuma canji take nufi. A takardarmu, 2.73 a raba da 1.12 ya ba da 2.44. Idan ribar ta tashi daga 12 zuwa 12.5, farashi zai faɗi da kimanin kashi 1.22, wato naira 11.60. Da ka yi amfani da 2.73, da ka ce kusan naira 13. Ainihin faɗuwar, idan aka sake lissafin farashin daga tushe, naira 11.50 ce. A wurin da riba ba ta wuce kashi 2 ba, bambancin adadin biyu ba ya taka kara ya karya, shi ya sa wasu ke sakaci da shi. A kasuwar da riba ta haura kashi 10, kamar yadda aka saba gani a Najeriya, sakacin yana da tsada.

Sannan a kula da k ɗin nan. Takardun lamunin Gwamnatin Tarayya da ofishin kula da basussuka ke fitarwa duk wata shida suke biya, haka ma sukuk da aka fara a 2017, ko da yake kuɗin haya yake bayarwa. Ga irin waɗannan, da 1.06 ake rabawa idan riba 12 ce. Wanda ya yi lissafi da hannu kuma ya tuna amsarsa ta fito ne a zangon wata shida, sai ya raba ta biyu kafin ya kira ta shekara. A takarda mai gajeren wa'adi, alamar wannan mantuwa a bayyane take: durashan ya fi wa'adin takardar tsawo. A Excel, DURATION da MDURATION suna yin aikin, muddin ka sa 2 a gurbin yawan biya.

Tashi daga 12 zuwa 12.5 rabin maki ne, wato 0.005, kuma shi ake sawa a gurbin Δy. Akwai masu raba 0.5 da 12 su samu kashi 4.17, su ninka da shi, sai asarar ta fito sama da kashi 10. Haka kuma canjin da ake nufi na ribar ita takardar ce a kasuwa. Idan Babban Bankin Najeriya ya ƙara maki ɗaya a kan kuɗin ruwansa, ba lallai ribar takardarka ta motsa da maki ɗaya ba.

Iyakar dabarar ita ce miƙaƙƙen layi take zanawa, alhali dangantakar farashi da riba a lanƙwashe take. Ka gwada tashin maki 3, daga 12 zuwa 15: dabarar za ta ce farashi ya koma 882.38, ainihinsa kuwa 885.84. Giɓin da bai wuce kobo 10 ba a rabin maki ya zama kimanin naira 3.45. A takarda mai tsayayyen biya irin wannan, kullum gefe ɗaya kuskuren ke karkata: yana zuzuta faɗuwa idan riba ta tashi, yana rage girman tashi idan ta sauka. Da zarar motsin ya wuce maki ɗaya, musamman a takarda mai dogon wa'adi, ni dai sake lissafin farashin nake yi daga tushe da sabuwar ribar.