Yadda ake karɓar mai kira a shirin rediyo na kai-tsaye har ya faɗi damuwarsa

Mai kiran shirin rediyo katinsa yake ƙonawa. Wataƙila ya daɗe yana danna lambar yana jin layi a cike, kuma da ya ji an ɗauka sai gabansa ya faɗi, don ya san dubban mutane na sauraren muryarsa. A gefe guda kuma Bahaushe ba ya shiga magana babu gaisuwa. Aikin mai gabatarwa shi ne ya ba gaisuwa haƙƙinta cikin daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin, sannan ya kai mutumin ga abin da ya kawo shi tun kafin layi ya yanke. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

Kafin ka buɗe layi

Fara da yin lissafin lokacinka. A shirin awa ɗaya, idan ka cire buɗewa da tallace-tallace da bayanin baƙo, da ƙyar minti talatin zai rage wa masu kira. Idan kowa ya samu minti biyu, mutum goma sha biyar ke nan. Idan ka bari gaisuwa ta ci minti ɗaya a kowane kira, to rabin lokacin jama'a ya tafi a "ina gajiya, ina iyali".

Sai ka faɗa wa masu sauraro ƙa'idar tun layi yana rufe. Faɗi batun ranar a jimla ɗaya, ka karanta lambar waya sau biyu a hankali, lamba uku-uku ko huɗu-huɗu, sannan ka ce: "Wanda ya samu layi ya kashe rediyonsa, ya faɗi sunansa da inda yake kira, ya tafi kai-tsaye kan batu. Minti biyu ne ga kowa." Amfanin wannan sanarwa yana zuwa ne daga baya: lokacin da za ka tsayar da wani, ba zai ji an wulaƙanta shi ba, domin ya ji dokar tun kafin ya kira.

Idan kana da furodusa, ya riƙa ɗaukar kiran a waje, ya rubuta maka suna da gari da damuwar mutum a layi ɗaya. A tashoshi da yawa babu wannan, wayar hannu ce aka jona da miksa, wato na'urar haɗa sauti, kuma kai ne mai ɗauka. To a nan kada ɗan yatsanka ya bar maɓallin sautin waya har kiran ya ƙare.

Gaisuwar kanta

Kai ne za ka fara magana, ba mai kira ba. Da ka ɗaga sautin waya ka ce: "Assalamu alaikum, barka da hantsi, kana tare da mu kai-tsaye. Da wa muke magana, kuma daga ina?" Wannan jimla ta yi aiki uku. Ta cika sallama, ta sanar da shi cewa duniya na jin sa, ta kuma ba shi tambaya mai sauƙin amsawa, wadda ke kwantar da fargaba. Idan ka yi shiru kana jira, abin da za ka samu shi ne "Halo? Halo? Kuna ji na?" har sau huɗu.

Idan shi ya riga ka yin sallama, amsa ta cikakkiya: "Amin, wa alaikumus salam." Kada ka haɗiye ta don sauri, masu sauraro suna lura. Wanda ya fara da "barka da safiya" ka amsa masa da irinta, ba kowane mai jin Hausa ne Musulmi ba, kuma shirin na kowa ne.

Daga muryarsa za ka zaɓi yadda za ka kira shi. Dattijo Baba ne ko Alhaji, kuma "ku" ake ce masa: "Baba, daga ina kuke kira?" Mace Hajiya ce ko Malama, tsohuwa Mama. Sa'anka Malam ne ko ɗan'uwa. Idan ba ka tabbatar ba, Malam da Malama ba su taɓa ɓata wa kowa rai ba. Da ya faɗi sunansa, maimaita shi sau ɗaya tare da garinsu, ka yi masa tambayar lafiya guda ɗaya tak. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a rediyo murya ce fuskar: ka yi murmushi kana magana, ana jin sa a cikin sauti.

Akwai abin da ke ɓata wannan mataki fiye da komai, wato rediyon mai kira. Idan yana kunne kusa da wayar, sautin tasha zai shiga wayarsa ya dawo situdiyo ya sake fita, sai ka ji ƙara mai tsini ko muryarka tana maimaita kanta. Wata alamar ita ce mai kira yana jinkirin amsawa, domin rediyon yake saurare ba wayar ba. Ka rage sautinsa nan take ka ce: "Malam, a taimaka a kashe rediyon, ta waya za ka ji ni." Sau biyu ake faɗa. Idan bai kashe ba, ka ba shi haƙuri ka ɗauki na gaba.

Gayyatar da ke buɗe baki

Nan ne gwaninta take. Mutanenmu sun tashi da shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, tun ana aika kati da wasiƙa, kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 da tashoshi masu zaman kansu irin Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a 2003. Shi ya sa har yau wani da ya samu layi zai fara jero sunayen abokai da 'yan majalisarsu ta shayi. Ba rashin hankali ba ne, abin da ya saba ji ne. Ka bar shi ya gaishe da mutum ɗaya, a na biyu ka shiga da murya mai taushi: "Duk suna amsawa, Malam. To me ke tafe da kai yau?"

Tambayar gayyata ta zama gajera, guda ɗaya, kuma wadda ba a amsa ta da i ko a'a. "Kana da ƙorafi?" ba ta da amfani. "Faɗa mana abin da ke damun ku a unguwarku, muna sauraro" ta fi. Kada kuma ka sa masa magana a baki, irin "ai ku ma an zalunce ku ko?" Idan ka yi haka, damuwarka ce aka ji, ba tasa ba.

Da ka gayyace shi, ka yi shiru. Wannan ya fi wuya ga masu gabatarwa, domin shiru a iska yana tsorata mu. Amma daƙiƙa talatin na farko nasa ne. Ɗan "to" ko "na'am" jefi-jefi ya isa ya san layi bai yanke ba. Ka riƙe biro kana rubuta abu uku: ina ne, tun yaushe, wa aka kai wa kuka.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce batun ranar wutar lantarki ne, kuma akwai jami'in kamfanin rarraba wuta a situdiyo. Wata mata ta shigo layi.

"Assalamu alaikum, barka da hantsi, kina tare da mu kai-tsaye. Da wa muke magana?"

Ta faɗi sunanta da unguwarsu, ta fara: "Ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu..."

"Lafiya lau, Hajiya, mun gode ƙwarai. Ya yara? Madalla. To Hajiya, me ke faruwa da wuta a wajenku?"

Ta ce sun gaji, ƙanƙarar da take sayarwa ta tsaya, abinci na lalacewa, ba wanda ya damu da talaka. Duk wannan gaskiyarta ce, amma jami'in da ke zaune ba zai iya yin komai da ita ba. Sai ka taimaka mata da tambayoyi gajeru. "Tun yaushe?" Sati uku. "Taransifoma ce ta lalace ko yanke ku aka yi?" Taransifoma ce ta ƙone. "Wane layi take?" Ta kwatanta. "Kun kai rahoto ofis?" Sun kai, an ce su jira. Yanzu ƙorafi ya zama abin da za a iya amsawa.

Sai ta ƙara da cewa kowane gida ya ba da naira dubu biyu, kuma wani mutum ne ya cinye kuɗin, ta fara kama suna. A nan ba a jira. Ka sauke sautinta ka ce: "Hajiya, a yi haƙuri, ba za mu kama sunan wanda ba ya nan ya kare kansa ba. Abin da muka ji shi ne an tara kuɗi, kuma ba a ga gyara ba. Haka ne?" Sannan ka mayar mata da sauti ta tabbatar. Ba ka rufe mata baki ba, batun kuɗin ya fita, amma zargin bai hau kan mutum ba.

Wannan ba tsoro ba ne. Abin da ya fita ta tasha, tashar ce ke ɗaukar alhakinsa, ko da bakin wani ya faɗa. A watan Agustan 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tashar Nigeria Info ta Legas tarar naira miliyan 5 saboda kalaman baƙon da ta yi hira da shi, Dakta Obadiah Mailafia. Wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci a 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara, amma wanda aka ɓata wa suna yana da damar kai ƙara, kuma kafin a je kotu ma an riga an zubar da mutuncinsa a gari. Tashar da ke da na'urar jinkirta sauti na 'yan daƙiƙoƙi tana da maɓallin da aka rubuta wa DUMP, wanda ke zubar da maganar kafin ta fita. Inda babu ita, kunnenka ne kawai zai cece ka. Ka koyi gane shimfiɗar da ke zuwa kafin zargi: "ai kowa ya san wanda...", "bari in faɗi sunansa", "wallahi wannan mutumin". Da ka ji ɗaya, hannunka ya motsa.

Sallamar mai kira

Kafin ka sauke layi, maimaita damuwar a jimla ɗaya da kalmominta: "Hajiya ta ce taransifomarsu ta ƙone sati uku, sun kai rahoto, sun tara kuɗi, har yau shiru." Ka tambaye ta ko haka ne, ka gode mata da sunanta, ka ce ta kunna rediyo ta ji amsa. Sai ka juya ga baƙo da tambaya tsayayya: yaushe za a je a duba, kuma doka ta yarda a karɓi kuɗin gyara daga jama'a?

Kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. "Za a gyara in sha Allah" ba taka ba ce. Taka ita ce "za mu sake tambaya ranar Litinin", kuma ka rubuta a littafin shirin don ka tambaya ɗin. Lambar wayarta furodusa ya karɓa a bayan fage, kada a karanta ta a iska. Idan layi ya yanke tana tsakiyar magana, faɗi iyakar abin da ka ji, ka roƙe ta ta sake kira, ka shaida wa mai ɗaukar waya ya ba lambarta fifiko idan ta shigo.