Shekarun da ba a yi aiki ba: kurakuran da ake yi a saman takardar CV

A ce akanta ce ta yi shekara shida a kamfani, ta ajiye aiki a watan Maris na 2021 don jinyar mahaifiyarta, sai 2023 ta sake fitowa nema. Taƙaitaccen bayanin da ake rubutawa a saman takarda bai wuce layi uku ko huɗu ba, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna.

Kuskure mafi muni shi ne jan kwanan wata, a rubuta an bar aiki a 2023 don a toshe giɓin. Wannan ƙarya ba ta da tsawon rai. Bankuna da manyan ƙungiyoyi sukan tuntuɓi tsohon wurin aiki, sukan kuma nemi takardar sallama, wadda kwanan wata ke jikinta ɓaro-ɓaro. In asiri ya tonu bayan an ɗauke ki, dalilin kora ya samu. Haka ma ƙirƙirar kamfanin tuntuɓa na bogi: da an ce ki ambaci mutum biyu da kika yi wa aiki, sai baki ya mutu.

Wasu kuma gaskiyar ce suke cika mata gishiri. Za ki ga an zayyana ciwon, da asibitin, da yadda 'yan'uwa suka zame. Mai tantancewa yana da tulin takardu a gabansa. Abin da yake son sani shi ne tsawon lokacin, da dalili a dunƙule, da ko uzurin ya kau. Jimla ɗaya ta isa, kuma kada ta zama ita ce ta farko. Ga yadda taƙaitaccen bayanin zai kasance, ko da Turanci za a rubuta:

"Akanta mai ƙwarewar shekara shida a harkar albashi da haraji. Na dakata daga 2021 zuwa 2023 don kula da jinyar iyali. A lokacin na riƙe littafin kuɗin shagon magani na ɗan'uwana. Yanzu a shirye nake in koma aiki na cikakken lokaci."

Batun shagon ya shiga ne don ya faru. In ba ki yi komai ba, ki tsallake shi, babu laifi. Ba a kuma sa neman gafara, irin su "abin takaici" ko "duk da na daɗe a gida".

In rage ma'aikata aka yi, kamar yadda ya faru da mutane da yawa lokacin korona a 2020, a faɗi haka kawai, ban da zagin tsohon oga. Giɓin wata uku ko huɗu kuwa bai ma cancanci shiga saman takarda ba; a bar shi sai an tambaya a ganawa.