Sigina a cike, intanet na rarrafe: kurakuran da aka fi yi a mesh na unguwa

Gida bakwai ne muka haɗa kuɗi a layinmu da ke Tudun Wada, muka ɗauki intanet ɗaya mai megabit 40, aka sauke shi a benen Alhaji da ke bakin titi. Kowane gida aka kafa masa ƙaramar na'ura a kan rufi, mai manhajar OpenWrt da batman-adv mai zaɓar hanyar saƙo a ciki, su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya kai benen, irin haɗin da ake kira mesh. Sati biyu ba a cika ba Hajiyar gidan ƙarshe ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, duba ka gani. Sandunan nan duk a cike, amma hoton jikana tun azahar yake juyawa." Na gwada a tsakar gidanta, megabit 2 da ɗan kai.

Sandunan da ta nuna mini ba ƙarya suka yi ba. Abin da suke aunawa shi ne tazarar wayarta da na'urar da ke kan rufinta, taku goma ke nan. Daga rufin zuwa benen Alhaji kuwa akwai zango huɗu, kuma a can matsalar take. Yawancin kurakuran da nake gani a irin wannan haɗi daga nan suke farawa: mutane na kallon waya, ba sa tambayar na'urar ta wace hanya take bi.

Tambayar ba ta da wuya. Ka shiga na'urar ka rubuta:

```
batctl n
batctl o
```

Na farko zai jero maka maƙwabtan da take ji kai tsaye. Na biyu zai nuna kowace na'ura da ke cikin haɗin, da maƙwabcin da za a fara miƙa wa saƙo in ana son kai mata, da wani maki da ake kira TQ, daga 0 zuwa 255. Layin da ke da tauraro a gaba shi ne hanyar da ta zaɓa. Babu wanda ya tsara mata wannan hanya. Kowace na'ura tana shelar kanta sau ɗaya a kowace daƙiƙa, maƙwabta su ji su ƙara yaɗawa, kowa kuma ya ƙirga shela nawa ta iso lafiya ta bakin wane. Wanda shelarsa ta fi isowa ba yankewa, shi ake bi.

Kuskuren farko namu ne tun ranar saye: mun ɗauki na'urori masu rediyo ɗaya don sun fi araha, muka jera su kamar carbi. Rediyo ɗaya ba ya ji ya yi magana lokaci guda. Na'urar tsakiya sai ta saurari ta gabanta, ta gama, sannan ta juya ta faɗa wa ta bayanta, duk a tasha ɗaya, kuma yayin da take magana maƙwabtanta na kusa dole su yi shiru. Saboda haka a zango na biyu abin da ya rage bai wuce rabi ba, a na uku kusan kashi ɗaya cikin uku, a na huɗu ƙasa da haka. Ga shi kuma wayoyin mutanen gida a wannan rediyon suke hawa, suna cin nasu rabon lokacin. Gyaransa biyu ne. Ko dai a sami na'urori masu rediyo biyu a raba aiki, 5 GHz tsakanin rufi da rufi, 2.4 GHz ga wayoyin gida, ko kuma a rage zango. Mu duka muka yi. Muka kuma lura cewa gida na uku da na huɗu katanga ɗaya ce tsakaninsu, sai muka ja kebul mai jure rana da ruwa daga wannan zuwa wancan. Kebul yana kai mita 100 ba tare da matsala ba, kuma batman-adv yana tafiya a kansa kamar yadda yake tafiya a iska. Mutane na jin kamar jan waya ya saɓa wa mesh. Ni dai duk inda kebul zai kai, ba na ɓata iska a wurin.

Wannan ya kai gidan Hajiya wajen megabit 9, sai kuma abin ya riƙa hawa da sauka: da safe 9, da yamma 1. A nan ne na sha wahala, kuma shi ne kuskuren da ba kowa ke ganewa ba.

Da na sake duba `batctl o` a lokacin da abin ya lalace, sai na ga na'urarta ta bar maƙwabcinta na kusa, ta koma magana kai tsaye da wata na'ura mai nisa da take ɗan jiyowa ta saman wani gareji. Maki 220 ta ba wannan doguwar hanya. Hanyar kusa mai zango biyu, ko da kowane zango yana da 245, in aka haɗa su sai makin ya sauko wajen 235, sannan a cire harajin zango, wanda a tsarin asali 30 ne cikin 255, a tashi da kusan 207. A lissafinta 220 ya fi 207, don haka ba ta yi laifi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, shelar da ake ƙirgawa ƙaramar aba ce, kuma ana aika ta da mafi ƙarancin gudu: megabit 1 a 2.4 GHz, megabit 6 a 5 GHz. Mai magana a hankali ana jin sa daga nesa. Shela tana wucewa sumul, amma da kaya na gaske ya zo, hoto ko bidiyo, hanyar ba ta iya ɗauka da sauri, sai rediyon ya sauko ƙasa yana maimaita aike. Mafi muni, yayin da yake wannan jan ƙafa ya tare tashar, maƙwabtan da hanyarsu ke da kyau su ma suna jira.

Yadda za ka tabbatar shi ne ka kwatanta makin da ainihin ƙarfin hanyar:

```
iw dev mesh0 station dump
```

Sunan `mesh0` ya danganta da yadda ka sa wa naka. Ka dubi `signal` da `tx bitrate` na kowane maƙwabci. Wajen -65 dBm hanya ce mai kyau. In ka ga -80 ko abin da ya fi haka muni, ga kuma `tx bitrate` ya tsaya a 6, amma tauraro yana kan wannan maƙwabcin, to ka kama ɓarawonka. Doguwar hanyar Hajiya -83 take.

Maganin da muka yi shi ne ɗaga gudun shelar, yadda raunanan hanyoyi za su riƙa zubar da ita, makinsu ya faɗi da kansa. A `/etc/config/wireless`, ƙarƙashin ɓangaren mesh:

```
option mcast_rate '24000'
option mesh_fwding '0'
```

Layi na biyu yana hana 802.11s, wato tsarin mesh na Wi-Fi ɗin kansa, yin nasa zaɓin hanya a ɓoye, don in aka bar shi, sarki biyu ke nan a gari ɗaya, kuma batman-adv zai ɗauka kowa maƙwabcinsa ne na kusa. A sa waɗannan a duk na'urorin, ba a ɗaya ba. A fara da ta ƙarshen layi a dawo baya, don kada ka yanke reshen da kake zaune a kai, ka ƙare da neman tsani da daddare. Akwai kuma `BATMAN_V`, wanda yake zaɓar hanya da kiyasin gudunta maimakon ƙirga shela. Yana da kyau, sai dai ba ya jituwa da `BATMAN_IV`, mai ƙirga shelar da muke amfani da shi: ko kowa ya koma, ko kowa ya zauna.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne wanda wani matashi a cikinmu ya fara yi kafin a kira ni, wato ƙure ƙarfin rediyo. Ihu ba ya ƙara wa kunne ji. Ka ƙara wa taka murya, ta can ta ji ka, amma amsarta ba ta ƙaru ba. Ka kuma sa na'urori masu nisa sun fara jin juna sama-sama, wato ka haifo ƙarin irin hanyar da ta jawo matsalar.

Sai maganar itatuwa. Mun kafa namu a watan Fabrairu, ana hango komai. Da ruwa ya zauna a Yuni, mangwaron da ke tsakanin gida na biyu da na uku ya cika da jiƙaƙƙen ganye, sigina ya sauko daga -62 zuwa -76. Hangen antena da ido bai wadatar ba, domin igiyar rediyo tana buƙatar fili a kewayen layin, mai faɗi a tsakiya kamar ƙwai. A tazarar mita 500 kan 5 GHz, faɗin ya kai kusan mita 2.7 daga layin zuwa kowane gefe a tsakiyar hanya, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari ya zama babu komai, wato wajen mita ɗaya da rabi sama da kan bishiya, tankin ruwa ko tozon kwano. Da na je wa mai mangwaron da maganar sassabe, cewa ya yi, "Malam, bishiyar nan ta girme ka." Muka ƙara wa fayif ɗin da antena ke kai mita 2, aka zauna lafiya. Wanda zai ɗaga ƙarfe sama haka a Kaduna ya sa masa wayar ƙasa da abin kare tsawa a kan kebul, ya kuma ɗaure shi da wayoyi uku, don iskar farkon damina ba ta wasa.

Akwai wata ƙaramar fitina da takan zo daga cikin gida. Wani ya sayo rauta tasa don sigina ya kai ɗakin baya, ya soka kebul a ramin `LAN` ba tare da ya kashe DHCP, wato mai raba adireshi, ba. Tunda batman-adv yana mayar da unguwar kamar kowa a waya ɗaya yake, rautar sai ta fara raba wa gidajen mutane adireshi. Alamarsa, wasu wayoyi na aiki, wasu sun haɗu amma babu intanet, kuma adireshinsu ya bambanta da na kowa. Mai raba adireshi ya kamata ya zama ɗaya kawai, a benen da intanet ya sauka.

Na ƙarshe shi ne wuta. Ana cewa mesh yana gyara kansa, in na'ura ta mutu a zagaye ta. Gaskiya ne, in akwai ta inda za a zagaya. Mu gida na biyu shi ne maƙogwaro, gida biyar ta kansa suke bi, kuma a soket ɗin falo aka soka shi. Da an ɗauke wuta, ko yara sun zare don cajin waya, biyar sun tafi. Ka gwada naka da rana tsaka: kashe na'ura ɗaya, jira minti biyu, ka ga su wa suka ɓace a `batctl o`. Duk wadda kashe ta ya ɗauke wasu, ita ce farkon mai buƙatar batir. Na'urar da ke cin wat 8 tana shan kusan wat-awa 190 a kwana. Batir 12V mai 40Ah yana da 480, rabinsa ne kake taɓawa in kana son ya daɗe, don haka kwana ɗaya zai riƙe, da faifan sola mai wat 80 a kansa. Muka yi wa gida na biyu haka, muka kuma juya antena ɗaya daga gida na biyar ta hango benen Alhaji ta bayan masallaci, don a sami hanya ta biyu.

Yanzu gidan Hajiya zango biyu ne zuwa bene, ana samun megabit 14 zuwa 18 in ba kowa ke kallon ƙwallo ba. Mangwaron kuma yana ci gaba da tsawo, na sa a ajiye ragowar fayif a garejin Alhaji.